Shagon da ka karɓa daga hannun ɗan haya

Ƙannena, a Limawa ba kasafai shago mai kyau yake zama a rufe har a manna masa takardar neman ɗan haya ba. Unguwa ce ta tsakiyar Minna, mutane sun yi yawa, ƙofofin da suke kallon titi kuwa ƙidayayyu ne. Tun kafin mai shago ya fara kwashe kaya labari ya zaga, wani ya riga ya same shi sun yi magana a bayan kanta. Saboda haka da yawa daga cikinku shagonku na farko ba daga hannun mai gida za ku karɓe shi ba, daga hannun ɗan haya ne mai shirin tashi. Haka ɗakin kwana. Ma'aikaci an yi masa canjin wurin aiki zuwa Bida ko Kontagora da sauran wata bakwai a kuɗinsa, ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke zaune a Bosso ko Gidan Kwano zai tafi koyon aiki na wata shida, ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa kafin hayarsa ta ƙare. Kowannensu yana son ya mai da wani abu daga kuɗin da ya biya, kuma babu laifi a wannan son. Abin da nake so ku sani shi ne me kuke saya a irin wannan ciniki, da kuma lokacin da cinikin ba ya tsayawa sai mai gida ya ce ya yarda.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mutanen da kuɗin duka na misali ne. Wani tela ya kama shago a Limawa na shekara 2, daga farkon Janairun 2025 zuwa ƙarshen Disambar 2026, a kan naira 240,000 kowace shekara, ana biya a farkon shekara. Ya biya ta farko, ya sa kanta da silin da fanka da ƙofar ƙarfe. A ƙarshen Agustan 2025 ya sami hanya a Suleja, zai koma can. Kai kuma ka gama koyon gyaran waya, kana da naira 300,000 a hannu, kana neman inda za ka kafa tebur.

Hanya biyu ce a gabanku, kuma a baki duka "na bar maka shagon" ake cewa. Ta farko, tela ya ci gaba da zama ɗan hayar Alhaji mai gida, kai kuma ka zama ɗan hayar tela. Ya ce maka wata naira 25,000, ka biya shekara guda, daga Satumbar 2025 zuwa Agustan 2026, ka miƙa masa 300,000 ɗinka. Wannan haya ce a kan haya. Ta biyu, tela ya sallama maka hayarsa gaba ɗaya, duk wata 16 da suka rage, ya fita ka shiga matsayinsa. Ka mayar masa da 80,000 na wata huɗun da ya riga ya biya, ka sayi kanta da ƙofa da sauran gyara a kan 120,000, ka ƙara masa 100,000 kuɗin sallama saboda wurin yana da kasuwa. Nan ma 300,000 ne suka fita daga aljihunka. Kuɗi ɗaya, mabuɗi ɗaya, amma abin da ka saya ya sha bamban, kuma ba za ka ga bambancin ba sai Janairun 2026 ta kama, ranar da Alhaji yake jiran 240,000 na shekara ta biyu.

Idan ta hanyar farko ka shiga, babu wata igiya tsakaninka da Alhaji. Bai ƙulla komai da kai ba, ba zai kai ka kotu kan kuɗin haya ba, kai ma ba ka da bakin ce masa ya gyara rufi. Tela yake bi. Wannan yana da daɗin ji, sai dai ka duba ɗaya gefen. Zamanka a shagon reshe ne a jikin hayar tela, in aka sare bishiyar reshe ba ya tsayawa shi kaɗai a sama. A ce tela ya isa Suleja, kuɗinka sun shige kama sabon wuri, Janairu ta zo bai aiko wa Alhaji ko kwabo ba. Alhaji ya bi hanyar doka ya kawo ƙarshen hayar tela saboda rashin biya. Taka ta faɗi tare da ita, ko da rasit ɗinka yana nuna ka biya har Agusta. Ka ci wata huɗu, wato 100,000, sauran 200,000 suna hannun mutumin da ba ya garin, kuma shi kaɗai za ka iya bi. Shi ya sa duk wanda zai shiga haya a kan haya, tambayarsa ta farko ba nawa ne wata ba. Tambayarsa ita ce yaushe kuɗin babban mai gida za su sake faɗowa, kuma wa zai tabbatar an biya su. Mai wayo ba ya ba ɗan haya kuɗin da suka tsallake wannan rana. Ko dai ya biya zuwa Disamba ya tsaya, ko a rubuta cewa in Janairu ta zo shi zai kai wa Alhaji kason shekara da hannunsa a madadin tela, a cire daga abin da tela yake binsa.

Idan kuwa ta hanya ta biyu ce, kai ne ɗan hayar Alhaji yanzu. Duk sharaɗin da ke cikin takardar tela wanda ya shafi shagon ya hau kanka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba: biyan haya, gyaran abin da ya lalace, hana sauya irin sana'ar da ake yi a ciki. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce ƙwarai, kotunan Ingila sun tsayar da ita tun 1583, kuma da ita kotunanmu suke aiki. Janairu ta kama, 240,000 a wuyanka suke. Na sha ganin yaro ya zuba duk jarinsa a kuɗin sallama da kanta, ya manta cewa bayan wata huɗu wani babban biya yana tafe. A nan ba wanda ya cuce shi, lissafi ne bai yi ba.

Akwai kuma abin da masu fita ba su cika sani ba, kuma wata rana ku ne masu fita. Tela ya sallama, ya tafi, yana ganin ya wanke hannunsa. Bai wanke ba. Shi ne ya sa hannu a kan alkawarin biyan shekara 2, kuma miƙa shagon ga wani bai goge wannan alkawari ba. In ka kasa biya a Janairu, Alhaji yana da zaɓi, ya bi ka saboda kai ke riƙe da hayar, ko ya bi tela har Suleja saboda sa hannunsa. Tela ba ya kuɓuta sai Alhaji ya sake shi a rubuce. Hanya mafi tsabta ita ce a soke tsohuwar takarda a yi sabuwa da sunanka, tela ya fita fit. Sau da yawa mai gida zai so haka, don dama ce ta ƙara kuɗi, kuma wannan ƙari shi ne farashin kwanciyar hankalin ku biyun. Sai ku auna ku gani ko ya yi.

Wani ɗan tarko kuma. Sunan da kuka sa wa cinikin ba shi ne hukunci ba. In tela ya ce haya a kan haya ce ya ba ka, amma ya ba ka har ranar 31 ga Disambar 2026, bai rage wa kansa ko kwana guda ba, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya sallama gaba ɗaya, domin babu abin da zai komo hannunsa. Sai ka wayi gari kai ne Alhaji yake bi kai tsaye alhali ka zaci tela ne. Lauyoyi kan rage kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a ƙarshe don wannan dalili.

To, yaushe ne sai da yardar Alhaji?

Amsar tana ba mutane mamaki. A asalin dokar da muka gada, ɗan haya yana da ikon ya ba wani haya ko ya sallama hayarsa ba tare da ya tambayi kowa ba, matuƙar yarjejeniyarsa ba ta hana ba. Dalili shi ne haya ba aro ba ce. Ka biya kuɗi ka mallaki amfanin wurin na wani lokaci, abin da ka mallaka kuwa kana iya juya shi. Jihar Legas ta juya wannan ƙa'ida a dokar hayarta ta 2011, inda ta ɗora wa ɗan haya kada ya sallama ko ya ba da wani ɓangare haya sai da rubutacciyar yardar mai gida, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Amma dokar Legas a Legas take. Na faɗi haka ne saboda yaranmu suna jin lauyoyin Kudu suna bayani a waya su ɗauka maganar duk ƙasa ake yi. Harkar haya kowace jiha da tata doka, kuma a nan Minna abin da za a fara buɗewa a gaban alƙali shi ne takardar da tela ya sa wa hannu.

Malamanmu na Malikiyya ma daga nan suke farawa. Wanda ya yi hayar gida ya mallaki amfaninsa, yana iya zama da kansa, yana iya zaunar da wani, yana iya ba da shi haya a kan daidai abin da ya biya ko ƙasa ko sama. Ribar 5,000 da tela yake ci a kowane wata halal ce a mazhabarmu, ko da yake Hanafiyya sun tsananta a kan irin wannan ƙari. Sharaɗin malamai guda ne, kuma sharaɗi ne na hankali, wanda zai shigo kada ya fi na farko cutar da ginin. Tsofaffin littattafai da maƙeri suke ba da misali. A Limawa ta yau sai mu ce tela ya ba mai gyaran waya, babu damuwa, amma ya ba mai injin markaɗe ko mai walda ko mai sai da fetur a jarka, wannan ya wuce abin da Alhaji ya sayar masa. Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu da wanda aka ba izinin ya amfana shi kaɗai. Na farko yana iya miƙawa, na biyu ba ya iyawa. Ku riƙe wannan, domin a unguwa irin tamu akwai ɗakuna da yawa da kawu ko maigidan mutum ya ce masa ya zauna kyauta. Wanda yake zaune haka ba shi da abin da zai ba ka haya, ko nawa ka biya shi.

Wannan duka in takarda ta yi shiru ne. Amma takardun da dillalai da lauyoyi suke bugawa yanzu da wuya su yi shiru, kusan kowacce tana da layi a kan wannan. Ka ce tela ya kawo ta ka karanta da idonka, in Turancin ya yi maka nauyi ka kai wa wanda zai fassara maka kalma bayan kalma, domin layin yana zuwa da fuska uku. Wani yana cewa ɗan haya ba zai sallama ko ya ba da haya ba, shi ke nan, babu "sai dai". Wannan hani ne kai tsaye, Alhaji yana iya ɗaga shi in ya ga dama, amma ba wanda zai tilasta shi. Wani yana cewa ba zai yi ba sai da rubutacciyar yardar mai gida. Wani kuma yana ƙarawa da cewa mai gida ba zai hana yardarsa ba tare da dalili mai ma'ana ba.

Tsakanin na biyu da na uku akwai rata mai faɗi. A Ingila wata doka ta 1927 ta ce ko ba a rubuta wannan ƙari ba a ɗauka yana nan. Mu kuwa dokokin majalisar Ingila da muka gada su ne waɗanda suke aiki ranar 1 ga Janairun 1900, ta 1927 ba ta cikinsu. Don haka kada ka dogara da cewa kotu za ta cusa maka kalmomin da ba ka nema ba ranar sa hannu. In kai ne kake kama shago daga farko, kuma ka san rayuwar matashi ba ta da tabbacin zama wuri guda shekara 2, to a ranar ne za ka roƙi a ƙara wannan rabin layi. Ba ya cin kuɗi, kuma masu gida da yawa ba za su ƙi ba in ka yi bayani da ladabi. Idan yana nan, dalilin da Alhaji zai kawo dole ya shafi wanda zai shigo ko abin da zai yi da wurin, kamar an san shi da cin bashin haya, ko sana'arsa za ta fasa bango ko ta hana iyalin gidan barci. Amma ya ƙi don kawai yana so tela ya gaji ya bar masa shagon da wata huɗun da aka biya, wannan ba dalili ba ne da kotu take girmamawa.

Ko da wannan ƙari yana nan, tambaya dole ce, kuma kafin a shiga ake yinta. Wanda ya ce ai Alhaji ba shi da hujjar ƙi, don haka ba sai an tambaye shi ba, ya riga ya karya alkawari tun ranar da ya miƙa mabuɗi. A nan ne na fi ganin samari suna faɗawa. Su ce bari a shiga tukuna, daga baya a je a gai da Alhaji. Kafin shiga kai mai neman yarda ne, kana da kuɗinka a aljihu, in an ƙi ka nemi wani wuri. Bayan shiga kai mai neman gafara ne, kuɗinka sun tafi Suleja.

Me zai faru in an shiga ba da yarda ba? Ba kamar yadda ake tsoratarwa ba, Alhaji ba shi da ikon ya zo da yara ya fasa kwaɗo ya watso maka kaya titi, ko ya cire ƙofa, ko ya kira 'yan sanda su kore ka. Korar ɗan haya ta kotu ce, wanda ya yi ta da hannunsa shi za a ci tara. Amma kada wannan ya ruɗe ka. In takardar ta ba shi ikon soke haya idan an saɓa sharaɗi, kuma yawancinsu suna bayarwa, zai nemi kotu ta soke hayar tela, kai kuma ka bi ta. In ma ba ta ba shi ba, lokaci yana gefensa. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa, kamar ta tela, tana mutuwa da kanta a ranar, abin da ya rage wa mai gida shi ne notis na kwana 7 cewa zai je kotu karɓar wurinsa. Hayar da take juyawa shekara zuwa shekara kuwa, in ba a rubuta wani wa'adi ba, notis na wata 6 ne, ta wata zuwa wata kuma wata guda. Mai gidan da ka shiga masa ta bayan gida ba zai sabunta maka ba, kuma mai gyaran waya da ya kwashe shekara yana tara masu zuwa wurinsa, tashi daga wannan ƙofa ya fi masa ciwo fiye da duk abin da kotu za ta yanke.

Akwai ƙofa guda da doka ta bar wa wanda ya riga ya shiga. In Alhaji ya san an saɓa, kuma bayan ya sani ya karɓi kuɗin hayar da suka faɗo daga baya, ana ɗauka ya yafe ikon soke haya a kan wannan saɓawar. Shi ya sa rasit da sunanka a kai, da hannun mai gida, yake da nauyi ƙwarai. Shi ya sa kuma mai gidan da ya san kan abin zai mayar maka da kuɗinka, ko ya rubuta rasit da sunan tela. In ka kai kuɗi aka rubuto sunan tela, ka fahimci saƙon, ba a karɓe ka ba tukuna. Sai dai wannan ƙofar tsira ce ga wanda ya makara, hujjarta kuwa sai ka tabbatar wa alƙali Alhaji ya sani, abin da yake da wuya in ta hannun yaronsa kuɗin suke bi.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya kamata ya ba da yardar. Dillali ba mai gida ba ne, la'adarsa yake nema, kuma "ba komai, na san Alhaji" ba yarda ba ce. Mai kula da gida yana iya samun ikon karɓar haya ba tare da ikon sauya ɗan haya ba. Gidajen tsohuwar unguwa kuma da yawa na gado ne da ba a raba ba, wanda yake zaune a zaure ba lalle shi ne magada suka wakilta ba. Ka tambayi maƙwabta wa yake sa hannu a rasit, ka je wurinsa da kanka tare da tela, ka tafi da dattijo guda. In shagon kasuwar gwamnati ne, irin na Kasuwar Kure, wanda ake kira mai shago sau da yawa shi ma takardar rabo yake riƙe da ita daga hukuma, sai ka nemi ganin abin da takardar ta ce game da miƙa wa wani.

Ba kowane mutum da ya kwana a ɗakinka ne ɗan hayarka ba, kuma bai kamata tsoron wannan layi ya hana ku zumunci ba. Ƙaninka ya zo daga ƙauye ya zauna wata biyu, almajirin sana'a yana kwana a shago, aboki ya ajiye teburin cajin waya a gefen ƙofarka, duk waɗannan izini ne, kai ke riƙe da wurin. Abin da ake dubawa shi ne wa yake da ikon rufe ƙofa ya hana kowa shiga, har da kai. Ranar da ka miƙa mabuɗi ka kwashe kayanka, ka yanka masa kuɗi da wa'adi, ya zama haya a kan haya ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya. Sai dai wasu takardun suna hana har raba wurin da wani, don haka nan ma karatu ne.

Kuɗin sallama kuma, 100,000 ɗin nan, suna buƙatar magana tasu. Malaman Masar sun yi ta muhawara a kan irinsu tun ƙarni na 16, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a kansu a zamanta na Jidda a 1988. Taƙaitawarsa ita ce, in wa'adin ɗan haya bai ƙare ba, ya halatta ya karɓi kuɗi don ya bar wa wani sauran lokacinsa, tare da kiyaye abin da yarjejeniyarsa da mai gida ta ƙunsa. In wa'adin ya ƙare, ba shi da abin sayarwa, wurin ya koma ga mai shi. Wannan ya yi daidai da hankalin kasuwa. Tela yana da wata 16, akwai abin da yake sayar maka. Amma wanda saura mako uku hayarsa ta ƙare ya ce ka ba shi 100,000 ya haɗa ka da Alhaji, abin da yake sayarwa fata ne kawai, domin sabuntawa ba a hannunsa take ba. In za ka biya irin wannan, ka riƙe kuɗin sai ranar da Alhaji ya sa hannu a takarda da sunanka.

Wata yardar kuma tana sama da ta Alhaji, ko da yake ba ta cika shafar mai ɗaki ɗaya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai sallama ko ya jinginar ko ya ba da haƙƙinsa haya ba sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jingina ta rushe saboda rashin wannan yarda. A aikace ba a zuwa ofishin filaye don hayar shago ta shekara. Amma ranar da ɗayanku ya girma har zai karɓi fili na shekara 10 ko 20 daga hannun wani ɗan haya don ya gina gidan burodi ko makaranta, yarda biyu zai nema, ta mai filin da ta gwamnati, kuma wannan aikin lauya ne tun daga ranar farko.

Takardar da za ku fito da ita daga zauren Alhaji ba sai ta yi tsawo ba, shafi guda ya isa, da Hausa ma in kun so. Ta faɗi wane shago ne, ta faɗi ko tela ya sallama ne ko haya ya ba ka a kan tasa, ta faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa, da wanda zai biya 240,000 na Janairu. Alhaji ya rubuta cewa ya yarda da kai da sunanka da sana'arka, kuma babu bashin da yake bin shagon zuwa ranar. Ku duba mitar wuta tare ku rubuta abin da ke kanta, don bashin wuta yana zama ne a wurin, mai shigowa yake taras da shi. A jera kanta da fanka da ƙofar ƙarfe, a faɗi wanne za ka iya cirewa ranar tashi, domin ƙofar da aka kafa da siminti mai gida yana iya cewa ta zama jikin gini, kai kuwa ka saye ta a cikin 120,000. In Alhaji ya yarda ya saki tela, a rubuta. In bai yarda ba, tela ya sa ka rubuta masa cewa duk abin da aka karɓa daga gare shi saboda gazawarka za ka biya shi. Ku ukun ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe tasa, sannan kuɗi su fita daga hannunka, ta banki in zai yiwu, da bayanin abin da aka biya a jikin turawar.